Waya a hannun mai nauyin kunne: haske, iyafis da rubutun magana

Jawabin da masu aikin sa kai suka yi wa iyalai a Tarikom, gundumar Bawku ta Yamma

  Kafin mu fara, muna roƙon duk wanda kunnensa yake da nauyi ya matso gaba, inda zai riƙa ganin bakin mai magana. Za mu yi a hankali, kuma abin da muka faɗa zai fito a rubuce a takardar sanarwa, domin wanda bai ji ba a karanta masa a gida, ko ya karanta da kansa.

Abin da ya sa muka tara ku yau, wani dattijo ne da ke zaune tare da mu a nan. Ba za mu faɗi sunansa ba, amma ya yarda mu ba da labarinsa. Ya tsallako daga Burkina Faso da iyalinsa kamar yawancinmu. Tun yana yaro sanƙarau ya kama shi, ya warke, amma kunnensa na hagu bai sake jin komai ba. Na daman yana ji, sai dai shekaru sun fara rage masa ƙarfi. Ɗansa yana aikin lebura a Yendi, 'yarsa tana aure a zangon Salaga. A cikin sati guda ɗan ya kira shi sau da yawa, don ya gaya masa ya turo kuɗin magani, Baba bai ɗauka ba ko sau ɗaya. Wayar tana aljihun rigarsa na hagu, tana ta kuka, shi yana zaune a inuwa. A wannan satin kuma wani saƙo ya shigo game da ranar da ake son ganinsa kan takardunsa, sai bayan ranar ta wuce jikarsa ta ci karo da shi. Ɗan da ke Yendi ya ɗauka wani abu ne ya same shi, ya bar aikin kwana biyu, ya biya kuɗin mota ya zo. Ya tarar da mahaifinsa lafiya lau yana gyaran tabarma.

Wayar Baba ba ta lalace ba. An dai saita ta ne don mai kunne biyu lafiyayyu, kamar yadda kowace waya take fitowa daga kwali. Gyaran da muka yi mata bai ci ko sidi ɗaya ba, bai kuma kai rabin awa ba. Shi ne za mu bi da ku yanzu, tare da inda gyaran ya tsaya, domin akwai abin da muka so mu yi masa bai yiwu ba.

Tambayar farko ba ta waya ba ce, ta kunne ce. Kafin ka taɓa wayar wani, ka tambaye shi: kunne ɗaya ne ba ya ji, ko duka biyun? Yana jin ƙara amma ba ya gane kalmomi, ko ba ya jin ƙarar gaba ɗaya? Yana iya karatu, kuma da wane harshe? Amsar waɗannan ita ce za ta nuna maka abin da za ka kunna. Haske yana amfanar kowa. Haɗe sauti waje ɗaya yana amfanar mai kunne ɗaya ne kawai. Rubutun magana kuwa sai wanda ya iya karanta Turanci ko Faransanci, ko wanda yake da yaro a kusa da zai karanta masa. Mun ga samari masu kyakkyawar niyya suna kunna wa tsoho komai da komai, a ƙarshe wayar ta rikice, tsohon ya ajiye ta ya ce ba ya so.

Duk waɗannan abubuwa a wuri guda suke zaune a cikin waya. Ka buɗe “Settings”, ka gangara har ka ga “Accessibility”. Wayoyin da muka shigo da su daga Burkina da yawa a Faransanci suke, a can za ka ga “Paramètres”, sannan “Accessibilité”. Tecno, itel, Infinix da Samsung kowace da yadda ta jera nata, saboda haka kada ka wahalar da kanka da laluben hanya. A saman “Settings” akwai alamar madubin dubawa, wato wurin bincike. Ka taɓa shi ka rubuta kalma ɗaya, “flash” ko “mono” ko “caption”, wayar da kanta za ta kai ka. Kalmomin “flash” da “mono” suna aiki ko wayar tana Faransanci. Ta ukun ce kawai take sauyawa, ta koma “sous-titres”. Idan ka rubuta ba abin da ya fito, to galibi wayar ba ta da shi, ba laifinka ba ne.

Mu fara da haske, domin shi ne ya warware matsalar Baba. Wannan saiti yana sa wayar ta riƙa walƙiya idan kira ko saƙo ya shigo. Iri biyu ne. Akwai wanda tocilar bayan waya, wadda ke kusa da kyamara, take ƙiftawa. Akwai kuma wanda fuskar wayar gaba ɗaya take haskawa da launi. Samsung ta daɗe da shi, a ƙarƙashin “Accessibility”, sannan “Advanced settings”, sannan “Flash notification”. Sauran wayoyin Android kuma ya shigo musu gaba ɗaya ne tare da Android 14, wanda ya fito a 2023, da sunan “Flash notifications”. A ciki za ka ga “Camera flash” da “Screen flash”, da kuma “Preview” wanda za ka taɓa ka ga yadda hasken zai yi. Idan kana son sanin wane Android ne a wayarka, ka duba “About phone”. Wasu tsofaffin wayoyi suna da nasu hasken na kira kawai, ba na saƙo ba, wani lokaci a ɓoye cikin saitin manhajar kira. Shi ya sa muka ce a yi bincike da kalmar. Mai iPhone, ko da yake ba su da yawa a nan, ya nemi “LED Flash for Alerts”.

Kunna shi abu ne mai sauƙi. Inda ake samun matsala shi ne bayan an kunna. Tocilar a baya take, don haka idan ka ajiye wayar a kan bayanta bisa tabarma, hasken yana dukan tabarma ne, ba wanda zai gani. Wanda ya zaɓi hasken kyamara sai ya riƙa kife wayar. Wanda ya zaɓi hasken fuska sai ya bar ta tana kallon sama. Mu shawararmu a kunna duka biyun, ta yadda ko ta wace fuska aka ajiye ta, wani abu zai nuna. A cikin aljihu kuma, ko a ƙulle a bakin zane, ba hasken da zai yi aiki. Da tsakar rana a fili ma ba ya tasiri, domin ranar Bawku ta fi ƙarfin tocilar waya. Saboda haka haske shi kaɗai bai isa ba, dole a haɗa shi da girgiza. A nemi “Vibration” a cikin saitin sauti, a tabbatar wayar tana girgiza idan an kira, in tana da wurin ƙara ƙarfin girgizar a kai shi ƙarshe. Abin da muka tsara wa Baba ke nan: da rana wayar tana aljihun ƙirji inda take taɓa jikinsa, in ya shiga ɗaki sai ya kife ta a kan akwati inda idonsa yake kaiwa. Masu ƙaramar waya mai dannawa, ku ma wannan ya shafe ku. Da yawa daga cikinsu suna da girgiza, wasu ma tocilarsu tana ƙiftawa idan an kira.

Akwai abubuwa biyu da ke kashe hasken ba tare da mutum ya sani ba. Na farko batir. Wayoyi da yawa suna hana tocila aiki idan caji ya yi ƙasa sosai, kuma a nan inda ake layi wajen caji, waya ta wuni a kan kashi 10 cikin 100 ba sabon abu ba ne. Mai nauyin kunne ya kamata a ba shi gaba a layin caji, wannan roƙonmu ne gare ku. Na biyu shi ne “Do Not Disturb”, a Faransanci “Ne pas déranger”. Alamarsa jinjirin wata ne ko da'ira mai layi a tsakiya, a can saman fuskar waya. Yara suna taɓa shi da kuskure in suna wasa da wayar, kuma in yana kunne, ƙara da girgiza da haske duk suna iya yin shiru. Idan waya ta kwana biyu ba ta yi walƙiya ba, wannan alama za ka fara dubawa.

Sai kuma akasin haka, hasken ya yi yawa. Daren farko Baba bai yi barci ba. Jikarsa ta sa wayar a rukunin WhatsApp na mutanen garinsu, mutum fiye da ɗari, kowace gaisuwa da kowane hoto sai ɗakin ya haska kamar ana hadari. Da safe ya ce a cire masa wannan fitina. Maganin shi ne a buɗe rukunin a zaɓi “Mute notifications”, a bar kira da saƙon waya da saƙon 'ya'yansa kawai. Hasken da yake ƙiftawa kan kowane abu, cikin kwana uku ido zai daina kula da shi. Sannan gidan da akwai mai farfaɗiya a yi hattara, domin haske mai ƙiftawa yana iya tayar wa wasu ciwon, gara a tsaya kan girgiza. Wanda kuma zai kwana a cikin garin Bawku, inda aka sha sa dokar hana fita da dare, ya tuna tocila mai walƙiya a cikin duhu tana jawo ido. In kana waje da dare, wayar ta zauna a aljihu.

Kada ku tashi daga wurin gyaran sai kun gwada. Mutum biyu ake bukata. Ɗaya ya kira, sannan ya turo saƙon waya, sannan ya turo na WhatsApp, ɗaya bayan ɗaya, wayar kuma tana kulle. Mai wayar shi zai ce ya gani ko bai gani ba, ba mai gyaran ba.

Yanzu batun sauti. Yawancin waƙoƙi da fina-finai da bidiyo ana raba sautinsu gida biyu, wani sashe ya bi kunnen dama, wani ya bi na hagu. Mai kunne biyu ba ya lura, domin kansa yana haɗa su. Amma mai kunne ɗaya, in ya sa iyafis, wato igiyar saurare da ake maƙalawa a kunne, duk abin da aka tura ɓangaren da ba ya ji ya ɓace masa. Sai ya ji kiɗa da ƙarfi murya kuma can nesa, ko a fim mutum biyu suna magana ya ji ɗaya sosai ɗayan sama-sama. “Mono audio”, a Faransanci “Audio mono”, yana haɗa sassan biyu ya tura abu iri ɗaya zuwa kowane kunne. A Samsung yana ƙarƙashin “Hearing enhancements”, a wasu wayoyin kuma ƙarƙashin “Audio adjustment”. Maɓalli ɗaya ne, a taɓa shi ya kunnu.

Mu faɗa muku gaskiya a kansa, domin ana yawan kambama shi. Ba ya ƙara ƙarfin sauti ko kaɗan. Ba ya canja komai idan kana saurare ta lasifikar waya guda ɗaya. Kiran waya da saƙon murya kuma dama can a haɗe suke zuwa, don haka ba za ka ji bambanci a kansu ba. Amfaninsa yana wajen bidiyo da waƙa da fim, in an sa iyafis. Baba yana son kallon bidiyon da ake turo masa daga gida, kuma a nan ne ya ce ya ji sauyi. A wajen kira, abin da ya taimake shi ba saiti ba ne, iyafis ɗin kansa ne. Da ya sa shi a kunnen dama, muryar ɗansa ta shiga kai tsaye, hayaniyar yara da iska suka ragu, hannunsa kuma ya daina karkatar da wayar daga kunne.

Kusa da wannan maɓalli akwai wani layi mai ɗigo a tsakiya, “Audio balance” ko “Left/right sound balance”. Shi na wanda kunnuwansa biyu suke ji ne, amma ɗaya ya fi ɗaya. Sai a ja ɗigon kaɗan zuwa wajen kunnen mai rauni, har sai mai wayar ya ce muryar ta dawo tsakiyar kansa. Wanda kunnensa ɗaya ya mutu gaba ɗaya ba ya bukatar taɓa shi. Mun taɓa samun wata baiwar Allah tana kukan kunnenta na dama ya toshe, ashe yaro ne ya ja ɗigon nan har ƙarshen hagu. Wata kuma iyafis ɗinta ne ya tsinke ta gefe guda. Gane wannan ba wuya. A jikin iyafis akwai L na hagu da R na dama. Ka musanya su. In shirun ya bi iyafis ya koma ɗaya kunnen, matsalar ta kaya ce. In ya tsaya a kunne ɗaya duk yadda ka juya, ta kunne ce.

A nan akwai haɗarin da ba ma so ku raina. Mai kunne ɗaya ba shi da na ajiya. In ya riƙa ƙure ƙara a cikinsa kullum, shi ma zai tafi, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ƙarar iyafis ta wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar wayar. Idan wayar ta fito da gargaɗi lokacin da kake ƙarawa, ba don ado ta yi ba. Idan bayan ka cire iyafis kunnenka yana ƙugi ko yana shiii, ka wuce gona da iri. In magana ba ta fita, ka tashi ka koma inda babu hayaniya maimakon ka ƙara ƙara. Wani ƙaramin abu kuma: a saƙon murya na WhatsApp akwai ɗan maɓalli mai nuna “1×”, “1.5×” ko “2×”. In an taɓa shi, duk saƙonni sai su riƙa gudu. Ga mai nauyin kunne ya zauna a kan “1×”. 'Yar Baba ta Salaga, kamar yawancin mutanen zango, magana take da sauri, ga shi an bar masa a “1.5×”, ya ce ya ɗauka aure ne ya canja mata harshe.

Na uku shi ne rubutun magana, wato wayar ta rubuta abin da ake faɗa a fuskarta. A nan ne mutane suka fi sa rai, a nan ne kuma muka fi jin takaici. Abubuwa uku ne masu kama da juna a suna, kuma rikita su yana ɓata lokaci. Akwai “Caption preferences”. Wannan ba ya rubuta komai da kansa. Aikinsa ya gyara girma da launin rubutun da dama can yana cikin bidiyon. Mutane suna kunna shi su zauna jira, ba abin da ya fito, su ce waya ta lalace. Amfaninsa shi ne ka sa haruffan su yi girma, fari a kan baƙi, don tsohon ido. Rubutun kansa a cikin bidiyon ake kunna shi, misali a YouTube da alamar “CC”.

Sai “Live Caption”, a Faransanci “Sous-titres instantanés”, wanda Google ya fitar a 2019 tare da Android 10. Shi yana sauraron duk abin da wayar take kunnawa, bidiyo ne ko saƙon murya, ya rubuta shi nan take. Sau ɗaya ake sauke harshen da data, bayan haka yana aiki ba tare da intanet ba, ko da an rage ƙarar wayar gaba ɗaya. In wayarka tana da shi, in ka danna maɓallin ƙara za ka ga wata ƙaramar alama a ƙarƙashin layin ƙarar. Amma wayoyi masu araha da yawa ba su da shi. Ko mai shi, Turanci yake ji, sai Faransanci da wasu manyan harsuna a wasu wayoyin. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Mosanci, Kusasanci, Busanci ko Fulatanci. In ka kunna masa Hausa, sai ya yi ta rubuta kalmomin Turanci marasa kan gado, ko ya yi shiru. Saƙon 'yar Baba, wanda shi ne ya fi son ya gane, wannan abu bai iya rubuta ko kalma ɗaya daga ciki daidai ba. WhatsApp ma ya kawo nasa a ƙarshen 2024, “Voice message transcripts” a cikin “Chats”, shi ma da Turanci da wasu 'yan harsuna, ba namu.

Na ƙarshe shi ne “Live Transcribe”, a Faransanci “Transcription instantanée”, manhaja ce ta kyauta da ake saukewa daga Play Store, an yi ta tare da Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Amurka. Ita maganar mutumin da ke gabanka take rubutawa. A nan muka ga amfani na gaske. Wani saurayi a cikinmu, wanda ya yi makaranta da Faransanci kafin jinsa ya tafi, yana amfani da ita in zai yi magana da mai jin Faransanci. Yana riƙe wayar kusa da bakin mai maganar, kamar tazarar kamu ɗaya, yana karantawa. Tana bukatar data a yawancin wayoyi, tana bukatar mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, kuma a kasuwa ko a layin rabon kaya ba ta tsinana komai.

Ko a inda take aiki, kada ku ba ta amana kan lamba da suna. Takan rubuta 15 a maimakon 50, takan mai da sunan gari wata kalma dabam. A asibiti, in maganar adadin ƙwaya ce ko ranar dawowa, ka miƙa takarda da biro a rubuta maka. A wajen ganawa kan takardun neman mafaka kuwa, inda kalma ɗaya take da nauyi, kada ka dogara da waya. Ka faɗa tun farko cewa kunnenka yana da nauyi, ka nemi tafinta, ka nemi a maimaita, ka nemi a rubuta maka abin da aka yanke. Kada kuma ka kunna manhajar a irin wannan zama sai ka nemi izini, domin in tana aiki da data, muryar tana fita ta intanet ne kafin ta dawo a rubuce, labarin gudunka kuma sirrinka ne.

To me muka yi wa Baba a wannan gefen, tun da ba ya karanta boko kuma wayar ba ta jin harshensa? Mun koma wajen masu kiransa. Mun yi magana da ɗansa na Yendi da 'yarsa ta Salaga, muka tsayar da ƙa'ida. Kira bayan sallar la'asar, lokacin da yake zaune da iyafis a kunne. Saƙon murya gajere, batu ɗaya a kowane saƙo, a ɗauke shi a wurin da babu hayaniya, don ya iya maimaita shi sau uku in yana so. Duk abin da ya shafi kuɗi ko rana ko wuri, a rubuto shi, jikarsa ta karanta masa. In kiran bidiyo ne, mai kiran ya fuskanci haske don a ga bakinsa. Jikar kuma kowace yamma tana buɗe akwatin saƙo tare da shi, su duba abin da ya shigo. Tun daga nan saƙo bai sake kwana ba a karanta ba.

Tun da mun ambaci kuɗi, ku saurara da kyau. 'Yan damfara suna kiran mutane su ce an turo kuɗi da kuskure a MoMo, a mayar musu, ko su ce daga kamfani suke. Mai nauyin kunne yana cikin haɗari biyu: ko ya ji rabin magana ya ce to, ko ya miƙa wayar ga wanda ke kusa ya amsa masa. Lambar sirrinka ba ta mai taimaka maka ba ce, ba ta mai gyaran waya ba ce, mu ma ba tamu ba ce. Duk gyaran da muka lissafa yau ba wanda yake bukatarta. In an ce kuɗi sun shigo, ka kashe kiran, ka danna `*170#` in layin MTN ne, ka duba abin da ke asusunka da idonka. Sannan lambar gaggawa ta Ghana, 112, da murya ake magana a kanta. Kowane gida mai kurma ko mai nauyin kunne ya tsayar da maƙwabci ɗaya tun yanzu wanda zai yi kiran in bukata ta taso, ya kuma ƙwanƙwasa ko ya shigo ya taɓa shi in an yi shela da lasifika.

Abu ɗaya ya rage, kuma ba na waya ba ne. Wani nauyin kunnen dauɗa ce ta toshe, ko ciwo ne mai fitar da ruwa, waɗannan kuma ana maganinsu. Kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza ko mai a ciki. A fara da ma'aikatan lafiya na nan, su za su tura mutum gaba in ya kama, har zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tamale. In ji ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana guda ko biyu, ba a jira, a tafi a ranar. Haka yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a lokacin hunturu ko bazara, bayan ya warke a lura ko yana waiwayowa in an kira shi ta baya. Iyayen yaran da ba sa ji kuma, akwai makarantar kurame ta Gbeogo kusa da Tongo a wannan yanki namu, akwai ta Savelugu kusa da Tamale ga waɗanda suke da dangi ta wajen Yendi ko Salaga. Yaron da ya koyi yaren hannu da karatu, shi ne wanda kiran bidiyo da rubutun magana za su yi wa aiki sosai. Ku zo mu zauna mu duba yadda ake neman gurbi.

Bayan an tashi za mu zauna a teburin nan na bakin rumfa har zuwa la'asar. Mai son a duba masa waya ya zo da ita da caji, ya zo da iyafis ɗinsa in yana da shi, ya kuma zo da mutum ɗaya daga gidansu wanda zai kira shi mu gwada. Iyaye mata da tsofaffi za mu fara gani.